Rigimar Gado a Fim: Abin da Baki Ya Ɓoye, Hannu Ya Faɗa

Mai kallon finafinan Hausa ya san fitowar rabon gado tun kafin ta zo. An share makoki, an yi sadakar arba'in, sai ga wa da ƙanwa a tsaye a tsakiyar falo, kowa na nuna ɗan'uwansa da yatsa. Ita ta ce, "Kai azzalumi ne, tun Baba yana da rai kake jiran ya mutu ka cinye dukiyarsa!" Shi ya ce, "Ke kuma baƙin ciki kike yi da ni don na fi ki!" Cikin minti biyu kowa ya zazzage cikinsa kaf, mai kallo kuma ba a bar masa komai da zai gano da kansa ba.

A gidajenmu ba haka ake yi ba, aƙalla ba a zaman farko ba. Ƙanwa ba ta kiran sunan wanta, balle ta ce masa azzalumi a ɗakin da mahaifinsu ya cika. Akwai kunya, akwai kara, ga uwa tana takaba a ɗakin da ke kusa, kuma bango ba ya riƙe murya. Duk da haka faɗan yana nan, wani lokaci ma ya fi na masu ihu zafi. Yana cikin yadda aka ajiye kwano, da inda aka zauna, da abin da aka ƙi ɗauka. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Bahaushe, marubucin fim kuwa har hannu da ƙafa yake tambaya.

Ina ganin akwai dalilin da ya sa rubutunmu ya fi jingina da baki. Wasan kwaikwayon Hausa na zamani ya yi ƙuruciyarsa a rediyo. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi, irin su Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, ta rediyo jama'a suka fara sanin su, haka ma Samanja na Usman Baba Pategi kafin ya koma talabijin. A rediyo abin da ba a furta ba bai faru ba, don haka dole ɗan wasa ya faɗi fushinsa da bakinsa. Da fim ɗin bidiyo ya kankama a Kano da Turmin Danya a 1990, kyamara ta zo, amma al'adar faɗin komai ta biyo mu. Har yau marubuta da yawa suna rubuta wa kunne, suna mantawa da ido.

Rubutun fim yana da sassa uku da ake gani a kowane shafi. Akwai kan fitowa, wanda ke faɗin ko a ciki ne ko a waje, da wurin, da lokacin; a manhajojin rubutun fim ana buga INT. ko EXT. a farkonsa, wasu marubutanmu kuma suna sa CIKI ko WAJE. Akwai maganar 'yan wasa, kowace a ƙarƙashin sunan mai yin ta. Sai layukan aiki, wato bayanin abin da kyamara za ta gani da sautin da za a ji wanda ba magana ba: wa ya shigo, me ya taɓa, ina ya duba. Da yawa suna ɗaukar layukan nan a matsayin umarni ga mai kayan aiki, "ya shiga, ya zauna, ta fita". A fitowa irin ta gado kuwa, nan ne ainihin labarin yake zaune.

Kafin marubuci ya rubuta layi ɗaya, sai ya san lissafin gadon da yake magana a kai, domin masu kallonsa sun sani. Ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i sun yanka rabon kowa. Kafin a raba, ana fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashin mamaci, a zartar da wasiyyarsa in bai wuce sulusi ba kuma ba ga magaji aka yi ta ba. Mu ɗauki gidan da za mu yi aiki da shi. Alhaji ya rasu, iyayensa sun riga shi, ya bar mata ɗaya, da ɗa namiji, da 'ya mace. Abin da ya bari gida ne a cikin birnin Kano, dillalai sun yi masa kuɗi naira miliyan 24. Matar tana da tumuni saboda akwai 'ya'ya, wato miliyan 3. Saura miliyan 21 a kasa uku, namiji ya ɗauki biyu, miliyan 14, mace ta ɗauki ɗaya, miliyan 7.

Wannan lissafin ba ya ɗaukar gardama, kuma a nan ne marubuci ya kamata ya buɗe ido. Tunda babu Musulmin da zai tsaya a gaban kyamara yana ja da kason da Allah ya yanka, to a kan me wa da ƙanwa suke faɗa? Gida ba kuɗi ba ne, ba ya yankuwa ashirin da huɗu. Ko a sayar, ko wani ya biya sauran. Wan, mu kira shi Kabiru, yana aiki a Abuja, yana so a sayar. Ƙanwar, Hadiza, aurenta ya mutu ta dawo gida, ita ta yi jinyar Alhaji har ya cika, kuma miliyan 7 ba za ta saya mata ko ɗaki biyu a unguwar ba. Wannan shi ne faɗan da ke sama, wanda za su iya yi da baki.

Na ƙasa daban ne. Abin da ke cin Hadiza tambaya ce guda: ina kake lokacin da nake ɗaga shi ina kwantarwa? Ba za ta taɓa yin ta ba, domin gori ne, kuma wanda ya yi wa mahaifinsa hidima ba ya gori. Kabiru kuma bashi ya yi masa katutu, kasuwancinsa ya karye, ba zai iya gaya wa ƙanwarsa ba domin shi ne babba, shi ake kira in abu ya taso. Ita tana so ya gani ba tare da ta nuna ba, shi yana so ya karɓa ba tare da ya roƙa ba. Sai marubuci ya rubuta waɗannan jimloli biyu a wata takarda daban, ya ajiye a gefensa, ya yi wa kansa alkawari cewa babu ɗayansu da zai fito daga bakin kowa. Ga yadda fitowar za ta iya kasancewa.

WAJE. ƘOFAR TURAKAR MARIGAYI ALHAJI. LA'ASAR

KABIRU (45), cikin shadda mai guga, ya tura ƙofar. A kulle take. Ya sake turawa.

HADIZA (38) ta iso da kwano a faranti. Ta ajiye a ƙasa, ta kwance makullai daga haɓar zanenta, ta zaɓi ɗaya ba tare da ta duba ba. Ta buɗe, ta ja gefe ya fara shiga.

CIKI. TURAKA. CI GABA

Gadon ƙarfe, an naɗe katifarsa. Buzu a shimfiɗe, carbi a kansa. Keken marasa lafiya a ninke a bayan ƙofa. Kujera ɗaya, hannuwanta sun yi santsi.

Hadiza ta shimfiɗa tabarma. Kabiru ya dubi tabarmar. Ya zauna a kujerar.

Ta durƙusa nesa da shi, ta buɗe kwano.

HADIZA: Ga abinci, Yaya. Inna na yi maka sannu da hanya.

KABIRU: Ina amsawa. Ya ƙarfin jikin nata?

HADIZA: Da sauƙi.

Ya kai loma ɗaya. Ya daina tauna.

KABIRU: Kamar babu gishiri.

HADIZA: Yi haƙuri. Hannu ne ya saba.

Ya ajiye cokali.

KABIRU: Na zauna da Malam jiya, ya buga lissafi. Inna uku, ke bakwai, ni sha huɗu.

HADIZA: Allah ya riga ya raba.

KABIRU: Mai sayen ya ce zai jira Inna ta fita takaba.

HADIZA: Ya kyauta.

Ta ɗauko babbar rigar Alhaji daga kan gado. A ninke take. Ta warware ta, ta fara ninkewa.

KABIRU: Gida ba ya rabuwa uku, Hadiza. Ko so kike sai mun tsaya gaban alƙali, a yi da mu a gari?

HADIZA: Ni na isa? Kai ne babba.

KABIRU: To me kike so?

Ta daidaita wuyan rigar da tafin hannu.

HADIZA: Keken nan nake so in tambaya. A ba masu buƙata, ko shi ma a sa shi a lissafi?

Kabiru bai juya ya dubi keken ba. Ya ɗaga hannu zai duba lokaci. Babu agogo, sai shatinsa a fata. Ya ja hannun riga ya rufe.

Hadiza ta gani. Ta mayar da idonta kan rigar.

KABIRU: Takardar gidan nake so in gani.

Ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Yana da nauyi, yana kartar siminti. Kabiru ya ɗan yunƙura. Ya koma ya zauna.

Ta buɗe, ta juya masa bakin akwatin.

Ya ɗago damin rasit na asibiti ɗaure da roba. Ƙarƙashinsa wani damin. Ƙarƙashin wannan, wani. Can ƙasa ƙaramin gidan sarƙa. Ya buɗe. Babu komai.

Ya dubi kunnenta. Tsinke ne a hujin.

KABIRU: Ai ina turo kuɗi duk wata.

HADIZA: Suna zuwa, Yaya. Ko sau ɗaya ba su makara ba.

Ya sauko daga kujera ya zauna a tabarma, damin rasit a cinyarsa.

KABIRU: In bashi ne wannan, sai an fitar da shi kafin a raba. Haƙƙinki ne.

HADIZA: Ban ba Baba bashi ba.

Ta zaro takardar gidan daga murfin akwatin. Kabiru ya miƙa hannu. Ta wuce hannun, ta ɗaga carbin, ta ajiye takardar a kan buzu, ta mayar da carbin a kanta.

Ta ajiye makullai kusa da kwano.

HADIZA: Abincinka zai huce.

Ta fita. Kabiru ya dubi takardar. Ya jawo kwanon.

Wannan fitowa ba za ta wuce shafi uku ba in aka buga ta da harafin Courier mai girman 12, kuma bisa ƙiyasin da masu sana'ar ke yi, shafi ɗaya yana cin kamar minti ɗaya a allo. A cikin minti ukun nan babu wanda ya ɗaga murya, babu wanda ya ambaci jinya, babu wanda ya ambaci talauci. Amma in aka tambayi tsohuwar da ta kalla me ya faru, za ta faɗi duka biyun.

Mu fara daga ƙofa. Kabiru shi ne mai kaso mafi tsoka, amma ba zai iya shiga ɗakin ubansa ba sai ƙanwarsa ta buɗe masa. Guntun bayanin nan, "ba tare da ta duba ba", shi ne ya ɗauki nauyin. Hannun da ya san makulli da kansa hannu ne da ya buɗe ƙofar nan dare da rana. Da an rubuta "ta buɗe ƙofa" kawai, da an sami motsi, an rasa shekarun da ke bayansa. Ja gefen da ta yi kuma ladabi ne na gaske, Hadiza ba ta raina wanta ba. Fitowar tana aiki ne domin ladabin da ƙorafin suna tafiya tare a motsi ɗaya.

Kujera da tabarma su ne ƙashin bayan fitowar. Ta shimfiɗa masa tabarma, ma'ana kujerar ba tasa ba ce tukuna. Ya gani, ya zaɓi kujerar. Daga nan har kusan ƙarshe yana sama tana ƙasa, kuma kyamara za ta nuna hakan ko da darakta bai yi wata dabara ba. Lokacin da ya sauko, babu buƙatar ya ce "na gane" ko "ki yafe mini". Saukowar ita ce juyin fitowar. Duk fitowa mai rai tana buƙatar wuri guda da abu ya sauya, inda wanda ya shigo da rinjaye ya rasa shi, ko wanda ya shigo a rufe ya ɗan buɗu. Marubuci ya nemo wurin nan, ya ɗora shi a kan aiki, kada ya ɗora shi a kan magana.

Sai gishiri. Mai hawan jini ana rage masa gishiri, kowane gida ya san wannan. "Hannu ne ya saba" haƙuri ne a sama, a ƙasa kuwa lissafin kwanakin jinya ne. Amma a lura, maganar ba za ta yi tasiri ba sai da layukan da suka kewaye ta: ya daina tauna, sannan ya ajiye cokali. Su ne suka nuna cewa ta same shi. Kuma saboda ya ajiye cokalin a farko, jawo kwanon da ya yi a ƙarshe ya sami ma'ana. Zai ci abin da mahaifinsa ya yi ta ci, takardar kuma tana nan ba a taɓa ba. Abu ɗaya aka yi amfani da shi sau biyu, na biyun ya karɓi ƙarfinsa daga na farkon. Kaya kaɗan da ake komawa kansu sun fi ɗaki cike da kayan da aka nuna sau ɗaya aka manta.

Shatin agogon nan ina ba shi muhimmanci ƙwarai, domin ba don shi ba da Kabiru ya zama mugun wa na finafinan da muka saba gani. Daƙiƙa biyu ne a allo, amma sun gaya mana ya sayar da abin hannunsa kamar yadda ta sayar da na kunnenta. Layin da ya biyo baya ya fi shi nauyi: ta gani, ta mayar da idonta kan riga. Ta rufa masa asiri a daidai lokacin da take sukarsa. 'Yan'uwa haka suke faɗa. Marubucin da ya ba mutum ɗaya dukan gaskiya ya hana ɗayan, wa'azi ya rubuta, kuma mai kallo yana gane wa'azi tun daga nesa.

Maganar bashi ma ba ado ba ce, hukunci ne na gaske. Da Hadiza ta kashe kuɗin gwal ɗinta da niyyar rance, kuma da shaida, da bashi ne a kan mamaci, a fitar mata da shi kafin kowa ya taɓa komai. Tayin da Kabiru ya yi mata adalci ne, amma kuma hanya ce ta mayar da jinyar kuɗi, ya biya ya huta. Ita kuma ƙin karɓar da ta yi shi ne duka mafi zafi a fitowar, domin ta bar shi da nauyin da ba shi da hanyar saukewa. Marubucin da bai san cewa bashi yana gaba da rabo ba, ba zai taɓa samun wannan musayar ba.

Akwai wani dalili da ya sa kaya suke da muhimmanci musamman a wurinmu. A labari Kabiru da Hadiza muharraman juna ne, amma jarumin da jarumar da za su hau matsayin ba haka suke ba, kuma a Kannywood namiji da mace ba sa taɓa juna a gaban kyamara. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana sa ido a kan haka, masu kallo ma suna sawa. Saboda haka wa ba zai dafa kafaɗar ƙanwarsa ba, ita ma ba za ta riƙe hannunsa ba. Duk abin da taɓawa za ta yi a fim ɗin wata ƙasa, a namu sai kwano, ko makulli, ko riga su yi shi. Hannun Kabiru da ya miƙe takardar ta wuce shi, wannan ne mafi kusancin da jikinsu ya yi a fitowar, kuma ƙi ne.

Kuskuren da ya fi yawa a layukan aiki shi ne rubuta abin da kyamara ba za ta iya ɗauka ba. Za ka ga an rubuta, "Hadiza ta tuna irin wahalar da ta sha shekara uku, zuciyarta ta cika da baƙin ciki ganin yadda wanta bai damu ba." Wannan jimlar littafi ce, kuma da yake marubutan fim ɗinmu da dama daga rubutun littattafai suka fito, hannunsu yana zamewa can. A littafi daidai ne. A lokeshan kuwa jaruma za ta karanta, ta rasa abin yi, sai ta ɓata fuska ta matso hawaye. Tambayar da za a yi wa kowane layi ita ce, mai ɗaukar hoto zai iya nuna wannan? Tunawa ba ta ɗaukuwa. Warware rigar da take a ninke a sake ninke ta, wannan yana ɗaukuwa.

Ɗan'uwan wannan kuskuren shi ne a rubuta aikin da kyau, sannan a ji tsoron ba za a gane ba, a bi shi da fassara. "Ya ja hannun riga ya rufe, domin yana jin kunyar ta san ya talauce." Rabin jimlar na biyu bai da aiki. Mafi muni shi ne fassarar ta koma baki, Hadiza ta ce, "Yaya, ina agogonka? Ko dai ka sayar?" Nan take abin da aka gina ya rushe. Haka nan cika ƙananan umarni a gaban kowace magana, cikin fushi, cikin kuka, cikin izgili, alama ce cewa marubuci bai amince da fitowarsa ba. In aikin da ya gabaci magana ya yi daidai, jarumi zai san muryar da zai sa.

Akwai kuma wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren. Wasu in suka ji cewa aiki ya fi magana, sai su sa kowa yana ta motsi, ya sosa kai, ya gyara hula, ya yi ajiyar zuciya, ya kalli taga. Motsin da za a iya cirewa ba tare da labari ya rasa komai ba, a cire shi. Ajiyar zuciya da kallon taga sun dace da kowane fim, don haka ba su ce komai game da wannan gidan ba. Tsinke a hujin kunne kuwa na macen nan ne ita kaɗai. Sannan a taƙaita rubutun: layi biyu ko uku, a sauka, abu ɗaya a kowane sakin layi. Kowane sabon sakin layi yana gaya wa darakta a sirrance cewa ido ya koma wani wuri, ba tare da marubuci ya shiga aikin kyamara ba. Shi ya sa "Babu komai" da "Tsinke ne a hujin" suke tsaye gajeru.

Hanyar gwada fitowa mai sauƙi ce. A rufe duk maganganun da takarda, a karanta layukan aiki kaɗai daga sama zuwa ƙasa. A tamu za a ga mutum ya kasa buɗe ƙofa, ya hau kujerar da ba a ba shi ba, ya kasa cin abinci, ya ɓoye hannunsa, ya tono rasit, ya sauko ƙasa, ya bar takarda ya ɗauki kwano. Labari ne cikakke. Sannan a juya, a rufe ayyukan a karanta maganganun kaɗai. Za a ji mutum biyu masu ladabi suna zancen abinci da takarda. Tazarar da ke tsakanin karatun biyu ita ce abin da ake nema. In duka biyun abu ɗaya suke faɗa, ɗaya daga ciki ya yi yawa, kuma galibi maganar ce za a rage.

Dole a faɗi iyakar wannan hanya. Rubutu ba shi ne fim ba. A lokeshan ana sauri, ana ɗaukar fitowa da yawa a yini, kuma abin da ake fara yarwa shi ne ƙananan hotuna na kusa, irin na kunne da na tsintsiyar hannu. In aka yar da su, fitowar nan ta zama mutum biyu suna gaisawa. Saboda haka marubuci ya rage yawan abubuwan da labarin ya dogara a kansu, ya zaɓi masu araha da za a samu a kowane gida, ya kuma zauna da darakta ya nuna masa waɗanda ba za a taɓa ba. Ya tuna kuma cewa jama'a da yawa a waya suke kallo. Rubutun da ke kan rasit ba zai karantu a ƙaramin allo ba, shi ya sa a fitowar ba a dogara da sunan da ke jiki ba, an dogara da yawan damman da ake ɗagowa ɗaya bayan ɗaya.

Sannan ɓoyewa ba ta ɗorewa har abada. A fim mai dogon zango, irin Labarina ko Daɗin Kowa, inda rigima ɗaya take tafiya makonni, akwai ranar da Hadiza za ta faɗi abin da ke ranta ɓaro-ɓaro, wataƙila a gaban kawunsu, wataƙila a ƙofar kotu. Ihun ba laifi ba ne, wurinsa ne ake kuskure. In an fara da fitowa irin wannan, an bi ta da biyu ko uku da matsin ke ƙaruwa, ranar da ta ce "Ina kake?" mai kallo ya daɗe yana jiran kalmomin. Aikin marubuci a fitowar da za ta biyo bayan turakar shi ne ya yanke shawara a kan abu ɗaya: da safe, a hannun wa makullan suke, kuma wa ya fara ganin haka, Inna ko dillali.